Idan tallafin ya ƙare, wa zai sayi batir?

A takardar neman tallafi akwai sashen da masu nema kan cike a gurguje, wanda ke tambayar yadda aiki zai ci gaba bayan mai ba da kuɗi ya janye hannunsa. Masu ba da kuɗin suna tambaya ne domin sun sha ganin injin da suka saya ya koma matattarar ƙura.

A ce ƙungiyarku na neman kuɗin wurin cajin waya mai amfani da hasken rana, tallafin shekara 2. Faifan sola kan haura shekara 20 yana aiki, amma batir mai ruwa da wuya ya wuce shekara 3 zuwa 5, balle a zafin nan namu. Ke nan zai mutu bayan an rufe asusun tallafi. To ku rubuta kuɗin sabon batir, ku raba shi gida 36, ku nuna cewa cinikin caji na kowane wata zai iya fitar da kason nan bayan an biya yaron shago.

Kada ku rubuta cewa za ku nemi wani tallafin. Mai duba takarda zai gane ba ku da shiri. Ku faɗi wanda zai mallaki kayan ranar da aka miƙa su, da wanda zai sa hannu a banki idan shugaba ya kwanta rashin lafiya ko ya yi ƙaura.