Tambaya da Amsa: Fayil uku, wanne ne na gaskiya?

TAMBAYA

Ni ne shugaban wata tawaga da ke ɗaukar wuraren rijiyoyin burtsatse da waya a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Duk muna zuba aiki a folda guda ta intanet. Yanzu na mazaɓar Daura kaɗai fayil uku ne: "daura", "daura sabo" da "daura final". Ɗaya ya ƙi buɗewa, wani kuma rijiyoyinsa sun sauka cikin gonaki. Yaya zan gyara?

Wani mai karatu, Ƙaraye

AMSA

Fayil ɗin da aka kawo daga fili, ba a gyara shi, ba a sauya masa wuri. Ka raba foldar gida uku: `01_danye` na abin da ya fito daga waya ko na'urar GPS, `02_aiki` inda ake gyara kwafi, da `03_kammalalle` wanda kai kaɗai ke da izinin rubutu a cikinsa. Da an bi haka, ko wani ya ɓata aiki akwai inda za a koma.

Sunan fayil kuwa ya faɗi abu biyar: ƙaramar hukuma, mazaɓa, abin da aka ɗauka, rana, da lambar gyara.

```
karaye_daura_burtsatse_20250314_v01.gpkg
```

Kada ka bar ƙaramar hukuma. Wanda ya ga "daura" a ofis a Kano ko Abuja, Daurar Katsina zai ɗauka. Haka Falgoren Rogo za a iya rikita ta da dajin Falgore. Rana ta fara da shekara, sai wata, sai kwana, domin ta haka kwamfuta ke jera fayiloli bi da bi. Ban da tazara, ban da ƙ, ɗ, ɓ a sunan, saboda wasu manhajoji kan mayar da su alamomin banza. "Sabo" kuma gobe ya zama tsoho, don haka lamba kawai za ta ƙaru: `v02`, `v03`.

Wanda ya ƙi buɗewa, ina kyautata zaton irin `.shp` ne da aka turo shi kaɗai. Ba ya tafiya sai da `.shx` da `.dbf`, inda sunayen rijiyoyi da bayanansu suke, ga kuma `.prj` mai faɗin ma'aunin taswira. Ku koma GeoPackage, wanda ke tara komai a fayil guda. Sai dai shi ma yana da sharaɗi: kada mutum biyu su buɗe shi suna gyara a foldar da ke haɗe da intanet. In ka ga `-wal` ko `-shm` a gefensa, to QGIS na riƙe da shi. A rufe manhajar kafin a kwafa, in ba haka ba gyaran ƙarshe na iya salwanta.

Rijiyoyin da suka kauce kuwa, duba yadda suka kauce. In kowace ta nufi nata gefen, laifin ɗauka ne: ba a tsaya GPS ya daidaita ba. In duk sun gusa gefe guda da gomman mitoci, an haɗa ma'auni biyu. Waya na ɗauka da WGS 84, wato `EPSG:4326`, alhali tsofaffin taswirun safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna suke. Ƙaraye da Rogo na cikin shiyya ta 32 ta arewa, don haka in za a auna nisa da mita, `EPSG:32632` za ku ɗauka. Na Minna shi ne `EPSG:26332`. Lambobin sun yi kama, kuma a nan ake zamewa.

Wannan ne ya sa ake ajiye takardar bayani, `KARANTA.txt`, a bakin folda. Duk fayil da ya shigo a rubuta masa layi: wa ya ɗauka, da wace na'ura, ranar, ma'aunin, yawan wurare, da abin da aka taɓa. Misali: an ɗauki 48, an cire 2 da aka maimaita, saura 46 a `v02`. A fassara kowane ginshiƙi ma: in `aiki` na ɗauke da 1 da 0, a faɗa cewa 1 tana ba da ruwa, 0 ta lalace. Kada lambobin wayar masu unguwanni su zauna inda kowa ke shiga.

Saura ajiya. Foldar intanet ita kaɗai ba ajiya ba ce, domin in ɗaya ya goge fayil, gogewar za ta bi kowa. Ka riƙe kwafi uku: kwamfutarka, faifan waje da ba ya kwana a jaka ɗaya da ita, da na intanet. Kowace yamma ka kwashe na wayoyi kafin a watse, ko babu sabis. Ranar Juma'a ka ɗaure foldar cikin `.zip` mai kwanan wata, sannan ka buɗe fayil ɗaya daga faifan ka ƙirga rijiyoyin, ka ga ko sun yi daidai da takarda.

Game da ukun nan naka, kada ka goge ko ɗaya. Ka sake sauke na asali daga inda wayoyin suka tura, ka gwada yawan wurare da ranaku, ka sa wa wanda ya dace sunan kirki, sauran ka kai su foldar `tsoho`. Allah ya taimaka.