Buhu Ba Ma'auni Ba Ne

Duk wanda ya zauna rubuta takardar farashin hatsi, ko don liƙawa a ƙofar sito ko don aika wa mai saye a wani gari, ya sani cewa kuɗin da ya rubuta ba su da ma'ana sai an san awon da ke bayansu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta "masara, buhu kaza" a yi shiru. Buhu mazubi ne kawai. A kasuwannin hatsi irin su Dawanau ta Kano an saba cewa cikakken buhu kwano arba'in ne, kwanon kuma, wanda ake kira tiya, yana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi na hatsi, shi ya sa ake lissafa buhu a kan kilo 100. Amma wannan al'ada ce ta baki. Mai ɗinke buhu yana iya ɗinke shi a kan kwano talatin da shida, ya tsaya ƙyam kamar ɗan'uwansa, ido kuma ba zai raba su ba.

Bari mu yi misali. A ɗauka ɗan kasuwa na farko ya rubuta buhun masara naira 48,000, na biyu ya rubuta naira 45,000. Mai saye zai ce ya sami rangwamen dubu uku, ya nufi na biyu. To, in buhun farko kwano 40 ne, kowane kwano ya kama naira 1,200. In na biyu kwano 36 ne, kowane kwano ya kama naira 1,250. Ashe mai araha shi ne mai tsada, kuma wanda ya sayi buhu goma ya yi hasarar kwano arba'in, wato buhu guda cur, alhali rangwamen da ya samu duka-duka dubu talatin ne. Ba lalle ne na biyu ya yi ƙarya ba. Takardarsa ce ta ɓoye abin da ya kamata ta faɗa.

Wani zai ce, to sai a riƙa rubuta yawan kwanuka, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin kwanon ma ba ɗaya ba ne. Mudun wannan kasuwa ya bambanta da na waccan, akwai awo mai tozo akwai shafaffe, akwai kuma kwanon da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ban da haka, kwano cika yake aunawa, ba nauyi ba: kwanon gyaɗa mai ɓawo bai kai nauyin kwanon ɓararriya ba, haka shinkafa shanshera da gyararriya. Don haka wanda ya rubuta gero a kwano, wake a buhu, shinkafa a kilo, duk a takarda ɗaya, ya ɗora wa mai karatu lissafin da ba zai iya yi ba. Abin da ya dace shi ne a zaɓi kilo tun daga layin farko har na ƙarshe, a rubuta nauyin kowane buhu da kuɗinsa, sannan a gefe a fitar da kuɗin kilo ɗaya. Abu mai ruwa kuwa a bar shi a lita, kada a gauraya, domin jarkar manja mai lita 25 ba ta kai kilo 25 a sikeli ba, mai ya fi ruwa rashin nauyi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan kilo ita ce shi ma ana yi masa wayo, kuma gaskiya ne. Ana taɓa sikeli, sannan danshi nauyi ne da shi. Sabuwar masara kilo 100 da aka ɗinke da danshi kashi 20 cikin ɗari, in ta bushe ta sauko kashi 13, wajen kilo 92 za ta koma, ba tare da ɓera ya ci ƙwaya ɗaya ba. Sai dai wannan ba dalilin komawa ga kwano ba ne, dalili ne na ƙara kalma ɗaya a takarda: sabuwa ce ko busasshiya, da ranar da aka auna. Sikeli kuma ana iya kama shi, a ɗora masa dutsen awo wanda aka san nauyinsa, ko a kai buhun wani sikelin a gwada. Kwanon da aka yi wa tozo jiya, wa zai maido da tsayin tozon nan yau ya zama shaida?

Manomin ƙauye da ba shi da sikeli kuwa, ba a ce ya jefar da kwanonsa ba. Ya kai shi wurin mai sikeli sau ɗaya, a auna shi shafaffe da kowane irin hatsi, gero daban, dawa daban, wake daban, a rubuta sakamakon a saman takarda, sannan ya riƙe wannan kwanon da wannan awon har kaka ta wuce.