Ku Bi Waya da Yatsa Kafin Ku Ɗauki Biro

'Ya'yana, na lura idan aka ajiye muku zanen da'irar lantarki aka ce ku nemo jimillar turjiya da karant, hannunku kan riga idonku. Kafin ku gama duban zanen kun fara tara lambobi. Ku dakata. Lissafin nan ba shi da wuya, ɗan aji ɗaya ma zai iya shi. Inda ake faɗuwa shi ne wajen gane wace risista ce ke jere da wace, waɗanne ne kuma ke kafaɗa da kafaɗa, wato siris da faralel kamar yadda malamanku ke kiran su.

Kada ku yarda da yadda aka shimfiɗa zane a takarda. Mai tsara tambayar WAEC ko NECO yakan karkata risista, ko ya ja waya ta yi kwana biyu, don ya ga wanda ke bin siffa da wanda ke bin hanya. Ku ɗora yatsa a kan batir, ku bi waya a hankali. Idan kun fita daga wata risista kun shiga wata ba tare da hanya ta rabu a tsakaninsu ba, to suna jere, kuma karant ɗin da ya ratsa ta farko shi ne zai ratsa ta biyu, babu ragi. Idan kuwa kawunan risista biyu sun haɗu a mahaɗa guda, ƙafafunsu ma sun haɗu a wata mahaɗar guda, to suna faralel, kuma boltej ɗin da ke kansu ɗaya ne, ko da an zana ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Doguwar waya da babu komai a kanta, duk tsawonta mahaɗa ɗaya ce.

Bari mu ɗauki zane guda mu bi shi har ƙarshe. Batir ne mai bolt 12, irin na mota. Daga gare shi waya ta shiga R1 mai om 2. Bayan R1 hanya ta rabu biyu: reshe ɗaya yana da R2 mai om 5, ɗayan yana da R3 mai om 20. Rassan suka sake haɗuwa, waya ta koma batir.

Mai gaggawa zai tara 2 da 5 da 20 ya sami om 27. Amma yatsa ya riga ya gaya mana R1 ba ta jere da R2, domin hanya ta rabu a tsakaninsu. Don haka daga rassan nan biyu za a fara, a dunƙule su su zama risista guda:

1/Rp = 1/5 + 1/20 = 4/20 + 1/20 = 5/20

Ga ramin da ke cin ɗalibai da yawa. Wannan 5/20, wato 0.25, ba ita ce Rp ba, 1/Rp ce. Sai an juya ta: Rp = 20/5 = 4 Ω. Idan risista biyu ne kacal, akwai gajeriyar hanya, a ninka su a raba da jimillarsu: 100 a raba da 25, ga 4 ta sake fitowa. Amma biyu kawai take yi wa aiki, kada ku ja ta zuwa uku.

Wani zai ce, Baba, yaya za a ƙara risista amma turjiya ta ragu? Ku tuna fitowa daga masallacin Juma'a. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ana ta turereniya, sai aka buɗe wata 'yar ƙarama a gefe. Komai ƙanƙantarta, ai ta rage cunkoso. Shi ya sa amsar faralel kullum take ƙasa da mafi ƙanƙantar risistar da ke ciki. Idan biyu ne kuma, amsar ba za ta gaza rabin ƙaramar ba. A nan ƙaramar om 5 ce, saboda haka amsa tana tsakanin 2.5 da 5. Huɗu ta zauna daidai. Wanda ya manta bai juya ba ya rubuta 0.25, wannan awon kaɗai ya isa ya tashe shi daga barci.

Yanzu ku sake zana da'irar, kada ku ce ɓata lokaci ne. Batir, R1 mai om 2, sai Rp mai om 4, hanya ɗaya babu reshe. To, yanzu ne tarawa ta halatta: RT = 2 + 4 = 6 Ω. Sai a kawo dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, V = IR, a juya ta:

I = V/RT = 12/6 = 2 A

Amfiya 2 ke fita daga batir, kuma dukkansu suna ratsa R1.

Sau da yawa tambaya ba ta tsayawa nan, sai a ce nawa ke bi ta R2. Nan ma akwai santsi. Ɗalibi ya ga bolt 12 a jikin batir, sai ya raba da 5 ya sami amfiya 2.4. Ku dube ta da kyau: reshe guda yana ɗauke da abin da ya fi wanda batir ya fitar gaba ɗaya, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Kuskuren shi ne bolt 12 ɗin nan ba duka suke isa wurin rassan ba. R1 ta riga ta ci rabonta, 2 × 2 = 4 V, saura bolt 8. Waɗannan 8 su ne ke kan R2, su ne kuma ke kan R3. Saboda haka I2 = 8/5 = 1.6 A, I3 = 8/20 = 0.4 A. Ku tara su, amfiya 2 ta dawo cif. Abin da ya shiga mahaɗa shi ne zai fita, kamar yadda Gustav Kirchhoff ya bayyana a 1845. Ku lura kuma, R3 ta ninka R2 sau huɗu a turjiya, sai ta sami kashi ɗaya bisa huɗu na abin da R2 ta samu. Masu cewa wuta mafi sauƙin hanya kaɗai take bi, ga amfiya 0.4 nan tana ƙaryata su.

Waɗanda za su haɗa wannan da'ira a kan tebur, ina da jan kunne a gare ku, domin takarda ba ta ƙonewa amma risista tana yi. R1 za ta fitar da zafi na P = I²R = 4 × 2 = 8 W, R2 kuma wat 12.8. 'Yan ƙananan risistocin da ke cikin rediyo yawancinsu rubu'in wat suke ɗauka, nan take za ku ji ƙauri. Ku ninka kowace sau dubu, ku sa 2 kΩ da 5 kΩ da 20 kΩ. Boltej a kowane wuri bai canja ba, karant ne kawai ya koma 2 mA.

Idan kun ɗauko mita don auna om, ku cire batir tukuna. Ko bayan an cire shi, in kuka ɗora mita a kan R2 tana nan a haɗe, 4 kΩ za ta nuna muku maimakon 5, domin R3 na maƙale da ita. Risistar lafiyarta ƙalau, ku ɗaga ƙafarta ɗaya ku sake aunawa. Wajen auna karant kuwa, sai an yanke hanya an saka mita a jere. Wanda ya ɗora ta kai tsaye a kan kawunan batir tana kan amfiya, fis ɗinta zai tafi, in ma abin ya tsaya nan. Kuma idan mita ta nuna 1.95 a inda kuka lissafa 2, kada hankalinku ya tashi. Risista mai zoben ruwan zinare an yarda ta kauce da kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, batirin mota mai cikakken caji kuma yakan nuna wajen bolt 12.6. Ku auna batir ɗin da kowace risista, ku sake lissafin da lambobin da mita ta ba ku, sa'an nan ku kwatanta.