Mi ya sa sama take shuɗiya da rana, ta yi ja da faɗuwar rana?

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci, kowa ya san wannan abu. Da hantsi in ka ɗaga kai, sama shuɗiya ce kamar zanen da aka fiddo daga marina. Da marece kuma yamma ta yi ja kamar garwashi. Rana ɗaya ce, sama ɗaya ce. To, mi ya kawo bambancin? Amsar tana cikin abu biyu: hasken rana, da iskar da muke shaƙa.

Hasken rana ba launi ɗaya ba ne

Muna ganin hasken rana fari. Amma launuka ne da yawa suka gauraya. Bakan gizo shi ne shaida. In hasken rana ya ratsa ɗigon ruwan sama, sai launukan su rabu: ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, tsanwa, shuɗi, har zuwa shunayya.

Kuna iya gani da kanku. Ku zuba ruwa cikin tasa, ku kai ta rana da safe. Ku jingina ƙaramin madubi a karkace cikin ruwan, yana fuskantar rana. Ku tari hasken da ya fito da farin ƙyalle a wurin inuwa. In ruwan ya natsu, za ku ga ɗan bakan gizo bisa ƙyallen. In ruwan yana motsi, launukan ba za su fito sosai ba.

Iska tana shiƙar haske

Duniya tana lulluɓe da iska kamar bargo. Kusan dukan iskar nan ba ta wuce kilomita 30 daga ƙasa ba. Iska kuwa ƙananan ƙwayoyi ne, waɗanda ido ba ya gani. Dole hasken rana ya ratsa su kafin ya iso gare mu.

Ku tuna da mace tana shiƙar hatsi. Tsaba tana faɗuwa kai tsaye cikin ƙwarya, ƙaiƙayi kuwa iska ta watsa shi ko'ina. Abin da ke faruwa da haske ya yi kama da haka. Jan haske kamar tsaba ne, yawancinsa yana wucewa kai tsaye. Shuɗin haske kamar ƙaiƙayi ne, ƙwayoyin iska suna watsa shi gabas da yamma, kudu da arewa. Iska tana watsa shuɗi wajen sau 5 fiye da yadda take watsa ja. Wani masani na ƙasar Ingila, Rayleigh, shi ya yi lissafin wannan a shekarar 1871.

Saboda haka duk inda ka duba a sama, wannan shuɗin da aka watsa shi ke shigowa idonka. Ashe sama ba rufi ba ce da aka shafa ma shuni. Iska ce da rana ta haska. Bisa wata babu iska. Mutanen da suka sauka can a shekarar 1969 sun ga sama baƙa ƙirin, alhali rana tana haskawa.

Da marece hanya ta yi tsawo

Ku yi wannan zane bisa rairayi. Ku zana babban da'ira, ita ce duniya. Ku kewaye ta da wata da'irar kusa-kusa. Tsakanin biyun nan ita ce iska. Ku aza tsakuwa bisa da'irar ciki, wannan mutum ne.

Yanzu ku ja layi daga sama ya sauko tsaye bisa tsakuwar. Wannan rana ce tsaka. Ku duba, layin ya ratsa iska kaɗan. Ku sake jan wani layi daga gefe, a kwance, har ya taɓa tsakuwar. Wannan rana ce za ta faɗi. Layin ya daɗe cikin iska kafin ya iso.

A gaskiya, lokacin da rana take daf da faɗuwa, haskenta yana ratsa iska kusan ninki 40 na wadda yake ratsawa in tana tsaka. A wannan doguwar hanya ana ta shiƙe shuɗi, har saura kaɗan. Abin da ya iso gare mu shi ne ja da ruwan goro. Shi ya sa rana take ja, gizagizan da ke kusa da ita su ma su yi ja. Haka abin yake da fitowar rana.

Bayan rana ta ɓace mana, haskenta yana nan yana taɓa iskar da ke can bisa. Wannan shi ne jan shafaƙi. Malamai suna duba gushewarsa don sanin shigar lokacin sallar lisha.

Mu gwada da kwalba

Ku nemi kwalba doguwa mai haske, wadda ake ganin cikinta, da tocila mai farin haske, da ƴar madara. A yi gwajin da dare ko cikin ɗaki mai duhu.

1. Ku cika kwalbar da ruwa garai-garai.
2. Ku ɗiga madara ɗigo 5, ku rufe, ku girgiza.
3. Ku kwantar da kwalbar, ku haska tocila daga gindinta.
4. Ku dubi kwalbar daga gefe. Ruwan zai yi ɗan shuɗi-shuɗi. Wannan ita ce sama da rana.
5. Ku tsai da kwalbar, ku cire marufin, tocila tana ƙarƙashi, ku leƙa ta bakin. Hasken zai yi ruwan ɗorawa ko ruwan goro. Wannan ita ce rana da marece.

In ba ku ga komi ba, madarar ta yi kaɗan, ku ƙara ɗigo 2 ko 3. In ruwan ya yi fari fat, madarar ta yi yawa, ku zubar da rabi ku cika da ruwa. Kada a yi da nono mai tsami, domin yana yin gudaji.

To, mi ya sa sama take fari lokacin hazo?

Da ɗari, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga hamada. Ƙwayar ƙura ta fi ƙwayar iska girma nesa ba kusa ba. Ita ba ta zaɓen launi, duka take watsawa tare. Shi ya sa sama take yin fari-fari, kamar kwalbar da madara ta yi ma yawa. Wani lokaci rana takan dusashe ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. Da damina kuwa, in ruwa ya wanke ƙura, sama takan yi shuɗi sosai.

Saboda haka launin sama yana gaya mana abin da ke cikin iska. In ta yi fari babu gizagizai, ƙura ta yi yawa. Ranar nan a rufe randa da abinci, a kare hancin yara da na masu tari.

Gargaɗi: kada kowa ya ƙura ma rana ido, ko da hazo ya rage ƙarfinta. Tana iya ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba. Wajen gwajin madubi ma, a dubi ƙyalle, kada a dubi madubin. A kula da yara.

Tambayoyi

1. Waɗanne launuka ke cikin hasken rana?
2. Wane launi iska ta fi watsawa?
3. Yaushe hasken rana yake ratsa iska mai yawa, da tsakar rana ko da marece?
4. Mi ya sa sama take fari lokacin hazo?

Ku rubuta amsa cikin littafinku, ku nuna ma malaminku.