Ribar Takarda da Ribar Gaske

A aikina na akanta, masu neman shawara sukan zo da jawabi iri ɗaya: "Banki ya ba ni kashi 18, gidana ya yi daraja, hannun jari ya tashi." Ni kuwa abin da nake tambaya shi ne: bayan an cire komai, kuɗin da ya rage zai sayi abin da yake saya bara?

Lissafin ba wuya. Ka rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, ka rubuta abin da zai shigo idan ka fitar da kuɗinka yau, bayan la'ada da haraji. Sannan ka raba wanda ya shigo da ma'aunin tsadar kaya. A Disambar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, don haka da 1.348 za a raba.

Mu ɗauka mutum uku kowa na da naira miliyan 10 a farkon shekarar. Na farko ya yi ajiya mai wa'adi a kan kashi 18. Ribarsa miliyan 1.8, aka zare harajin kashi 10 tun daga banki, ya tashi da miliyan 11.62. Da an raba, sai kuɗin ya koma miliyan 8.62 a kuɗin bara. Asusu ya cika, amma buhunan da zai iya saya sun ragu.

Na biyu ya sayi hannayen jari, suka tashi daidai da ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wanda ya ƙaru da kashi 37.65 a shekarar. A ce ya karɓi rabon riba, an cire masa kashi 10, ya biya dillali wajen saye da sayarwa, ya tashi da miliyan 13.67. A kuɗin bara miliyan 10.14 ke nan. Da ƙyar ya tsira da uwar kuɗinsa.

Gida ne ya fi ruɗar mutane, domin mai gida farashin da aka taya yake riƙewa a ka. Na uku ya sayi gida miliyan 9, dillali da lauya da takardu suka cinye miliyan 1. Haya dubu 700 ce, amma gyaran rufi, kwashe masai da wata biyu da gidan ya yi ba kowa suka bar masa dubu 450. An taya miliyan 12, la'adar sayarwa dubu 600. Jimilla miliyan 11.85, wato 8.79 a kuɗin bara.

Sai dai shekara ɗaya ba ta yi wa gida adalci, tunda kuɗin takardu sau ɗaya ake biya. Shi ya sa nake sa a auna ukun a kan wa'adi ɗaya, kamar shekara biyar, a raba da tsadar kowace shekara bi da bi. Farashin gidan kuma a ɗauko shi daga cinikin da aka kammala a unguwar, ba daga bakin dillali ba.