Amsoshin Tambayoyinku: Bitar Mako da Yammacin Juma'a

Wata mai ɗinki daga Zariya ta tambayi yadda za ta daina shiga sabon mako a rikice. Amsar da aka ba ta ita ce zaman minti 20 kowace Juma'a bayan La'asar, da littafin oda a buɗe, da tambayoyi uku.

Ta farko, waɗanne ɗinkuna ta miƙa wa masu su? Ta biyu, wanne ya maƙale, kuma me ya tsayar da shi? A nan amfanin yake. Idan ta rubuta "ba lokaci", ba ta gano komai ba, amma "mai aikin wuya bai dawo da riga ba" dalili ne da kiran waya ɗaya zai warware. Ta uku, wane alkawari ne ba zai jira ba, kamar ankon bikin Asabar mai zuwa?

Bayan tambayoyin, sai ta ja layi a shafi don sabon mako, kowace rana da gidanta, ta sa babban aiki ɗaya a kowane gida, da sunan mai kayan da abin da za a sayo, zare ko zif. Alhamis a bar rabinta fili, domin wuta kan ɗauke. In aiki ya sake bayyana a tambaya ta biyu Juma'a biyu a jere, ta kira mai shi su sa sabuwar rana.