Lanƙwasa tafin takalmi kafin ka miƙa kuɗi

Gyaran takalmi ne sana'ata a nan Anloga, cikin Kumasi, kuma akasarin takalman da ake kawo mini samansu lafiya lau yake, tafin ne ya mutu.

Wani saurayi mai koyon aikin kafinta a unguwarmu ya yi watanni yana zuba susu, wato adashi, don ya sayi sau-ciki na zuwa Idi. Ana jajibirin Sallah, bayan magariba, ya samu na gwanjo a bakin titi, ya sha mai yana ƙyalli. Ya gwada ƙafa ɗaya, ya tura sidi 400 ta waya. Kafin ya dawo daga Idi dunduniyar ta fara zubar da gari, washegari tafin ya rabe biyu.

Ya kawo mini, idonsa ya yi ja, ya ce, "Baba, a sa masa gam mana."

Na ce, "Ɗana, gam ba zai kama wannan ba."

Irin wannan tafi mara nauyi, mai laushi kamar soso, shi ake kira PU. Yana da daɗin takawa, amma idan ya daɗe a ajiye, danshin iska yana cin sa daga ciki har ya ruɓe, ko da ba a taɓa sa takalmin ba. Garinmu kuwa ga ruwan sama ga zafi. Gam yana bukatar wuri mai ƙwari da zai riƙe, ruɓaɓɓen tafi kuma marmashewa yake yi, sai dai a cire shi gaba ɗaya a sa sabo. Hakan muka yi, ya sake kashe kuɗi, abin ya yi mini ciwo don na san yadda ya tara su.

Da ya tashi sayen wani, na sa ya gwada a gabana da tsofaffin da ke shagona. Ka riƙe takalmin hannu biyu, ka lanƙwasa shi daidai inda yatsu ke lanƙwashewa. Idan ƙananan tsagu suka buɗe, ajiye shi. Ka danna farce a dunduniya: lafiyayyen tafi yana komawa yadda yake, ruɓaɓɓe yana barin rami, ko ya yi danƙo, ko gari ya biyo farcen. Sannan ka ja gefen da fata ta haɗu da tafi, ka ɗaga shimfiɗar ciki ka duba, domin wani ɗinkin ado ne kawai, gam ne ke riƙe da komai.

Ya koma kasuwa da rana tsaka, ya ƙi guda biyu, ya sa na uku ƙafa biyu ya taka kafin ya biya. Har yanzu shi yake sawa ranar Juma'a.

Samarinmu, don Allah kada ku sayi takalmi da dare. Mai kayan da ya hana ku lanƙwasa tafi, ku bar masa kayansa.